Littafi Ya Nuna Riba, Amma Babu Kuɗin Rabo

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinmu, ni nake riƙe da shagonsa na sarin kayan masarufi a kasuwar Singa a madadin magada. Ciniki ya ƙaru daga naira miliyan 20 a wata zuwa miliyan 30, kuma kayan da nake sayarwa miliyan 30 ɗin ina saro su ne a kan miliyan 27. Bara littafi ya nuna ribar kusan miliyan 18 bayan an cire ɗawainiya, amma da aka zauna rabo ko miliyan biyu ban iya ajiyewa ba. A sito akwai kayan miliyan 36 a kuɗin sari. Ina bin mutane miliyan 25, don rabin cinikina bashi ne, kuma yawancinsu abokan cinikin Baba ne tun da daɗewa. Diloli suna bina miliyan 9. Baffana ya ce ko dai ci nake yi ko ban iya ba. Ƙannena sun fara yi mini wani kallo, Hajiya kuwa ta yi shiru, kuma shirunta ya fi damuna. Wani aboki ya ce in ci bashin banki. Wallahi ban ci kwabon kowa ba. Ina kuɗin suka shiga?

Wani ɗan kasuwa, Kano

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ji ƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa, ya kuma haɗa kanku.

Na yarda da kai, kuma ba don rantsuwarka kawai ba. Alƙaluman da ka kawo su da kansu suke wanke ka, sai dai ba a jera su yadda za su yi magana ba. Kuɗin suna nan. Wasu suna kwance a sito cikin kwalaye, wasu suna aljihun mutanen da ka ba kaya. Abin da ya rage shi ne ka san kwana nawa naira ɗaya take yi tun daga ranar da ta bar hannunka zuwa ranar da ta dawo, domin wannan adadin shi ne amsar tambayarka, kuma shi za ka kai gaban Baffa.

Ɗauko biro mu yi tare. Kana saro kayan miliyan 27 a wata, wato kowace rana kayan naira dubu 900 ne suke fita daga sito, a kuɗin sari. Raba miliyan 36 da ke sito da wannan dubu 900, za ka samu 40. Ma'ana kwalin da ya sauka daga mota yau, a tsaka-tsaki, sai ya yi kwana 40 kafin ya tafi. Su ne kwanakin kaya. Sannan cinikinka miliyan 30 ne a wata, miliyan ɗaya a rana. Raba miliyan 25 da kake bi da miliyan ɗaya, kwana 25 ke nan kake jira bayan kaya sun tafi kafin kuɗinsu su shigo. Su ne kwanakin karɓa. Ka lura da cewa kaya da kuɗin sari ake auna su, bashin da kake bi kuwa da kuɗin sayarwa, don a kan wannan farashin ka rubuta shi. Na ukun shi ne wanda yake gefenka: diloli suna binka miliyan 9, ka raba da dubu 900, kwana 10 suke ɗaga maka kafin ka biya. Su ne kwanakin biya.

```
zagayen kuɗi = kwanakin kaya + kwanakin karɓa - kwanakin biya
55 = 40 + 25 - 10
```

Kwana 55 kowace nairarka take yi a waje. Ka biya dila a kwana na 10, kai kuma ba za ka ga kuɗin wannan kayan ba sai kwana na 65. Duk tsakanin nan da jarin gidanku ake tafiya. Idan ka haɗa miliyan 36 da 25 ka cire 9, za ka ga miliyan 52 ne a ɗaure cikin wannan zagaye a kowane lokaci.

To, ga inda ribarka ta shiga. Lokacin da ciniki yake miliyan 20 a wata, in dai kwanakin haka suke, abin da shagon yake buƙata a ɗaure bai kai miliyan 35 ba. Da ciniki ya kai miliyan 30, buƙatar ta koma miliyan 52. Bambancin ya ɗan haura miliyan 17, ribar da littafi ya nuna kuma miliyan 18. Ka ga ke nan saura bai kai miliyan ɗaya ba. Abin kamar ruwan noman rani ne: in kwatar ta yi tsawo, sai ta cika tukuna kafin ɗigo ya isa gona, in kuma ka faɗaɗa ta, ruwan da ka ƙaro ita za ta fara shanyewa.

Kuma ina zargin rabin wannan ƙaruwar cinikin ba ƙaruwar kwalaye ba ce, tsada ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, farashi ya yi ta hawa, har hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024. Sito ɗaya, kwalaye adadi ɗaya, amma kuɗin cika shi ya ƙaru sosai. Duba littafin shekarar da Baba ya rasu, ka ƙirga buhuna da kwalaye maimakon naira. In adadin bai canja sosai ba, to ribarka ta tafi ne wajen riƙe shagon a girman da ka same shi, kuma wannan ma abin faɗa wa magada ne ƙarara.

Bari in ce wani abu game da Baffa da ƙannenka, don kada ka ƙullace su. Mutumin da aka ce masa an ci ribar miliyan 18 sannan aka ajiye masa abin da bai kai biyu ba, dole ya yi tambaya. Dukiyar marayu ce a hannunka, tambayar haƙƙinsu ce. Baffa ya yi kuskure da ya ce ci kake yi, amma a ɗaya ɓangaren maganarsa akwai abin dubawa, domin kwana 55 ya yi yawa ga mai sayar da taliya da sukari da man girki, kayan da ake ci kullum. Ba rashin iyawa ba ne, abu ne da ba a taɓa auna maka ba. Hajiya kuwa, ina kyautata zaton shirunta na uwar da ba ta so ta ɗauki ɓangare tsakanin 'ya'yanta ne. Kada ka fassara shi da zargi tun ba ka je ka zauna da ita ba.

Yanzu ga gyara, kuma zan fi daɗewa a kan bashin da kake bi, domin nan ne ciwon yake, nan ne kuma kunya take hana ka motsi. Kwana 25 da muka samu yana ɓoye gaskiya. Rabin cinikinka kuɗi hannu ne, ba a jira ko kwana ɗaya. Miliyan 25 ɗin duk daga ɗaya rabin suka taru, wato daga cinikin dubu 500 a rana. Ka sake rabawa, za ka ga masu ɗaukar kaya bashi kwana 50 suke yi kafin su biya. Mai kantin unguwa yana sayar da kwalin taliya cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda ya riƙe kuɗinka kwana 50 ya sayar da kayan tuni, ya juya kuɗin sau biyu ko uku, wataƙila ma ya je ya saro da su a layin da ke bayanka inda ba a ba shi bashi. Da jarin marayu yake kasuwanci ba tare da ya raba riba da su ba.

Ka ware dare biyu ka kwashe sunayen daga littafi zuwa takarda ɗaya, kowane mutum da abin da ake binsa da ranar da ya ɗauki kayan da bai biya ba. Ka kasa su gida uku: waɗanda bashinsu bai kai kwana 30 ba, waɗanda ke tsakanin 30 da 90, da waɗanda suka haura 90. Abin da aka saba gani shi ne mutane 'yan kaɗan ne suke riƙe da mafi yawan kuɗin, don haka da manya biyar ko shida za ka fara, ba da kowa ba. Gida na uku kuma ka dube shi da idon gaskiya. Wanda ya rufe kanti ya bar gari, ko ya rasu bai bar komai ba, bashinsa ba dukiya ba ce, asara ce, kuma dole a cire ta daga wannan ribar ta miliyan 18. Zai yi ɗaci, amma gara kai ka faɗa wa magada da bakinka da su gano daga baya.

Na san abin da ke ranka: yaya za ka tsaya gaban dattijon da ya yi shekara 20 yana ciniki da Baba ka ce ya biya? Kada ka aika yaron shago, kada kuma ka yi ta waya. Ka je da kanka ka gaishe shi, ka ce, “Baba, dukiyar nan ta zama ta magada, an ce in rufe lissafi, na zo mu daidaita.” Wannan gaskiya ce, kuma tana ɗauke kunyar daga kanku duka biyu. Ku raba tsohon bashin kashi-kashi, a biya duk mako, a rubuta ranaku. Sabon kaya kuwa ya hau sabuwar ƙa'ida: kowane mutum yana da iyakar kuɗin da zai ɗauka, wa'adi kwana 21 ko 30, kuma ba a loda sabo sai an biya na baya ko an rage shi zuwa ƙasa da iyakar. Ka riƙa ba da rasit mai ranar biya a jiki. Idan wani ya ji haushin rubutu, tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da wa'adinsa ta sauka. Hadisi kuma ya tabbata cewa jinkirin mai hali zalunci ne. Amma aya ta 280 a wannan sura ta ce a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, don haka aikinka shi ne ka bambance wanda ba shi da shi da wanda yake da shi yana ja maka rai. Kai ka san su, ka san wanda ya ƙara buɗe kanti na biyu.

Kada ka ɗora tara a kan wanda ya yi jinkiri, wannan riba ce ta haram. Abin da za ka iya shi ne farashi biyu tun kafin a ƙulla ciniki, na kuɗi hannu da na wa'adi, mai saye ya zaɓi ɗaya a tsaya a kansa, kuma mafi yawan malamai sun halatta hakan. Rage wa mutum wani abu daga bashin da ya riga ya hau kansa don ya biya kafin wa'adi kuwa, malamai sun yi saɓani a kai, Malikiyya ba su yarda ba, sai ka tambayi malaminka kafin ka yi. Ko ta fuskar lissafi ma ka yi hattara da rangwame. Ribarka naira 10 ce a cikin kowace 100 ta ciniki. In ka sauke naira 2 don a biya ka nan take, ka ba da kashi ɗaya cikin biyar na ribar wannan kayan. Naira ɗaya ta isa gwaji.

Wasu za su yi fushi su tafi, kada in ɓoye maka. Kafin ka ji tsoron tafiyarsu, auna kowannensu. Wanda yake ɗaukar kayan miliyan ɗaya a wata yana kawo maka ribar dubu 100, amma in kwana 90 yake yi kafin ya biya, miliyan uku naku ne a hannunsa kullum. Waɗannan miliyan ukun, da a hannun masu biyan kwana 30 suke, cinikin miliyan uku za su ɗauka a wata, ribar dubu 300. Idan masu bashinka suka sauko daga kwana 50 zuwa 30, abin da kake bi zai koma miliyan 15, kwanakin karɓa su zama 15, miliyan 10 su dawo hannunka ba tare da ka sayar da ƙarin kwali ko ɗaya ba.

Sai sito. Kwana 40 ɗin nan ma tsaka-tsaki ne, kuma na tabbata ba kowane kaya ne yake yin 40 ba. Sukari da taliya da man girki wataƙila kwana 10 zuwa 15 suke yi, wasu kuma suna can ƙuryar sito tun kafin azumin bara. Ka rufe shago rana ɗaya a ƙirga komai, a rubuta ranar shigowar kowane kaya, sannan ka yi wa kowane iri nasa lissafin: adadin da ke ƙasa, a raba da adadin da ke fita a rana. Duk abin da ya haura kwana 90 ya yi kwantai. Karyar da shi, ko a kuɗin sari, ko ƙasa da haka kaɗan, ko ka haɗa shi da kayan da ke gudu. Madara da kayan gwangwani suna da ranar lalacewa, ga ɓera ga danshin damina, duk ranar da suka ƙara darajarsu raguwa take yi. Kuɗin da ka fitar daga kwantai ka zuba a kayan da ke juyawa sau biyu a wata, cikin 'yan watanni sun mayar da abin da ka rasa.

Kwantai yawanci daga kwaɗayin sauƙin tirela yake farawa. Dila ya ce in ka ɗauki mota guda zai sauke maka kashi 3 cikin ɗari, ka ɗauki kayan wata uku a rana ɗaya. Da kayan wata ɗaya ka saya, kashi biyu cikin uku na kuɗin suna hannunka kana juya su a wani kayan, kuma juyi ɗaya tak a ribar kashi 10 ya fi wannan sauƙin. In farashin tirelar kake so, ku haɗa kuɗi da maƙwabta biyu ku raba motar. Baffa zai iya cewa a zamanin tsada kaya sun fi kuɗi, kuma yana da gaskiya a wani wuri: wanda ya cika sito kafin tashin farashi ya samu. Amma da rarar kuɗi ake yin wannan, ba da kuɗin da dila yake jira ko haƙƙin magada ba, kuma farashi yakan sauko ya bar mutum da kayan tsada. Kada dai ka matse sito har mai saye ya zo neman sukari ya tarar babu, don in ya tsallaka wani shago zai sayi sauran kayan a can. Kayan da ke gudu a bar musu rara ta 'yan kwanaki fiye da lokacin da mota take ɗauka ta kawo. Saukowa daga kwana 40 zuwa 30 ya wadatar a yanzu, kuma miliyan 9 ke nan.

Kwanakin biya su ne na ƙarshe da za ka taɓa, kuma a hankali. Ba cewa nake ka riƙa ɓuya wa dila ba, don abin da kake kuka a kai ke nan za ka yi wa wani, kuma ranar da kaya suka yi wuya masu cika alƙawari ake fara ba. Ka je wurin manyan dilolinka biyu da shaidar shekara biyu kana biya a kan lokaci, ka nemi kwana 15 maimakon 10, a fili, da yardarsu. Wannan zai bar maka miliyan huɗu da rabi. Sai dai ka tambayi farashin kuɗi hannu tukuna. In dila zai sauke kashi 2 cikin ɗari ga wanda ya biya nan take maimakon bayan kwana 10, to jinkirin nan tsadarsa ta haura kashi 70 cikin ɗari a shekara, kuma da zarar kuɗi sun fara dawowa daga masu bashi, biyan nan take ya fi maka ko da zai ƙara wa zagayen kwanaki.

Ka haɗa su: kwana 30 na kaya, da 15 na karɓa, a cire 15 na biya, zagaye ya sauko daga 55 zuwa 30, kuma naira miliyan 23 da rabi sun fito. Ba a wata ɗaya za a kai nan ba. Ka ba kanka wata shida, na sito zai fi saurin zuwa, na bashi zai fi ja.

Maganar banki, ka dakata. Da yawan kuɗin ruwan da ake biya a ƙasar nan, ga kuma haramcinsa, bashin zai shiga wannan doguwar hanya ta kwana 55 ne, wa'adin biyansa ya riske ka kuɗin ba su dawo ba. Ko bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, in sun saya maka kaya ta hanyar murabaha akwai ribarsu a kai da ranar biya tsayayya. Bayan ka gajarta zagayen, in wata buƙata mai lokaci ta taso kamar kayan azumi, sai a duba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne zaman gida, kuma kada ka jira sai kuɗi sun taru. Ka fara zuwa wurin Hajiya kai kaɗai ka nuna mata takardun, sannan ka roƙe ta ta kira Baffa da ƙannenka. Ka gayyaci Baffa ko wanda ya amince da shi ya tsaya a kan ƙirgar sito da idonsa, ka kuma miƙa masa jerin masu bashi. Tsararrakinsa ne da yawansu, akwai wanda ba zai ji nauyinka ba amma zai ji nasa, don haka ka roƙe shi ya raka ka wurin manyan. A wannan zaman ku yanka maka albashi sananne, a raba asusun shago da na cefanen gida, duk abin da aka ɗauka don hidimar gida a rubuta shi da sunan wanda aka yi wa. Ku kuma yarda a kan cewa rabo daga kuɗin da suka shigo hannu za a riƙa yi, a ajiye wani kaso don cika sito. In akwai magajin da ya fi son a fitar masa da rabonsa gaba ɗaya, haƙƙinsa ne, a ƙiyasta shagon a gaban shaidu a biya shi kashi-kashi, kada a matsa wa kowa zama cikin haɗakar da ba ya so.

Daga nan, ranar ƙarshe ta kowane wata ka sake wannan lissafin na lambobi uku ka tura wa kowa a gida. Watan da ka tara kaya saboda azumi ko salla kwanakin kaya za su yi tsalle, sai ka haɗa abin da ke sito a farkon wata da na ƙarshensa ka raba biyu, kuma ka kwatanta watan da takwaransa na bara, ba da wanda ya gabace shi ba. In ka ga kwanakin karɓa sun hau wata biyu a jere alhali ciniki bai ƙaru ba, koma kan jerin sunayen nan, akwai wanda ya fara wuce iyakarsa.